Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Shirun Mai Inshora da Haƙƙin Hana Diyya

A yawancin cinikayya, doka ba ta tilasta wa mutum ya tona wa kansa asiri. A tsohuwar dokar Ingila, wanda zai sayi doki shi ne zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafunsa ya duba kofato. Muddin mai sayarwa bai shirga ƙarya ba, shirunsa ba laifi ba ne. Inshora ta fita daban. A nan doka ta ɗora wa mai neman kariya nauyin ya faɗi abin da zai iya sa a ƙi shi ko a tsauwala masa kuɗi, ko da ba a tambaye shi ba. In ya yi shiru, kamfani na iya juya masa baya ranar da ya zo da toka a hannu. Tambayar da nake son bi a wannan maƙala ita ce: wane irin shiru ne ya cancanci wannan hukunci? Domin ba kowane shiru ne ƙarya ba, kuma ba kowane hana diyya da doka ta halatta ne adalci ba.

Akwai dalilan hana diyya da ba su da wata sarƙaƙiya, ba kuma zan daɗe a kansu ba. Wanda ya yi inshorar gobara, ambaliya ta cinye masa kaya, bai sayi kariyar ambaliya ba. Wanda bai biya kuɗin inshorarsa ba, babu yarjejeniyar da zai tsaya a kai. Sashe na 50 na Dokar Inshora ta Nijeriya ta 2003, wadda aka soke a 2025, ya mayar da biyan kuɗin sharaɗin ingancin yarjejeniyar tun farko. Wanda ya cinna wa shagonsa wuta da hannunsa, ko ya ƙara sifili a lissafin asararsa, ya zubar da haƙƙinsa da kansa. Duk mai hankali zai yarda da waɗannan. Inda gizo yake saƙar shi ne inda asarar ta gaskiya ce, tana cikin abin da aka kare, kuɗi an biya, amma kamfani ya ce: da ka gaya mana kaza ranar da muka ƙulla, da ba mu ƙulla haka ba.

Tushen wannan magana wata shari'a ce da aka yanke a Landan a 1766, tsakanin Carter da Boehm. Carter shi ne gwamnan wani sansanin ciniki na Kamfanin Gabashin Indiya mai suna Fort Marlborough, a Bengkulu da ke gaɓar yammacin tsibirin Sumatra. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai, Ingila da Faransa suna farautar dukiyar juna a kowane teku. Carter yana da hajarsa ta kansa a sansanin, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. A watan Satumba na 1759 ya rubuta wa ɗan'uwansa a Ingila cewa ya nema masa inshora a kan yiwuwar abokan gaba na Turai su kame wurin, ta shekara guda, daga Oktoban 1759 zuwa Oktoban 1760. Wasiƙa a wancan zamani tana shafe watanni a kan ruwa. Sai a watan Mayu na 1760 Boehm ya sa hannu a Landan, alhali tun a watan Afrilu Faransawa a ƙarƙashin d'Estaing sun riga sun ci sansanin, labari ne kawai bai iso ba.

Da aka zo neman diyya, Boehm ya ƙi. Hujjarsa ita ce an ɓoye masa abubuwa biyu da gwamnan ya sani sarai: cewa ganuwar an gina ta ne don tare mutanen ƙasar, ba za ta iya jure igwar Turawa ba, da kuma cewa gwamnan da kansa yana tsammanin harin Faransawa. A ido, hujja ce mai ƙarfi. Mutum ya ga hadari ya haɗo, ya ruga ya sayi laima a hannun wanda ke cikin ɗaki.

Alƙali Mansfield ya fara da amincewa da ginshiƙin maganar Boehm. Ya bayyana cewa inshora ciniki ne a kan abin da bai faru ba tukuna, kuma bayanan da ake auna haɗarin da su galibi suna hannun mai neman kariya shi kaɗai. Mai ba da inshora yana dogara ne da abin da aka faɗa masa, saboda haka riƙe wani bayani da zai sauya lissafinsa yana ɓata yarjejeniyar, ko da mantuwa ce ta jawo ba mugun nufi ba. Bahaushe ya taƙaita wannan tun da daɗewa da ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma duk da haka Carter ne ya yi nasara, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa. Mansfield ya ce babu wajibcin a gaya wa mai inshora abin da ya riga ya sani, ko abin da ya kamata ya sani ta hanyar sana'arsa, ko abin da shi da kansa ya yafe tambaya a kai. Mutumin da ke Landan a Mayun 1760 ya fi gwamnan da ke Sumatra a Satumban 1759 sanin inda yaƙin Turai ya dosa. Kuma Boehm ya san gwamnan wuri ne ke neman inshora a kan faɗuwar wurin, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna akwai tsoro, amma ya sa hannu bai yi tambaya ko ɗaya ba. Alƙalin ya ƙi yarda mutum ya karɓi kuɗi yana shiru, in an tsira ya riƙe, in an yi asara ya tuno da tambayar da bai yi ba. Ya ma ƙara da cewa nauyin na kowane ɓangare ne: mai inshorar da ya karɓi kuɗi a kan jirgin da ya san a ɓoye cewa ya riga ya iso lafiya, dole ya mayar.

A fahimtata, abin da wannan hukunci ya gano shi ne cewa ilimi iri biyu ne a kan teburin, kuma ba a hannu ɗaya suke ba. Mai ɗaki ya san inda yake yoyo, gaskiya ne. Amma magini ne ya san wace tsaga ce ta fenti, wace ce kuma take nuna ginin zai zauna. Mai neman inshora ya san tarihinsa; kamfani, da ya ga dubban gobara da sata, shi ya san wane yanki na tarihin ne ke da nauyi. In aka ɗora wa na farko nauyin ilimin duka biyu, an umarce shi ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, wadda kuma ba shi da hanyar sanin akwai ta.

Abin da ya biyo baya ke nan. Lokacin da aka tattara dokar inshorar jiragen ruwa ta Ingila a 1906, sashe na 18 ya wajabta bayyana duk wani lamari mai muhimmanci da mai neman inshora ya sani, ya kuma fassara muhimmanci da cewa duk abin da zai yi tasiri a tunanin mai inshora mai tsantseni wajen yanke farashi ko karɓar haɗarin. A lura da wanda aka sa ya zama ma'auni: ba mai neman kariya mai hankali ba, mai sayar da ita. Hukuncin saɓawa kuwa guda ɗaya ne tal, wato a rushe yarjejeniyar tun daga tushe kamar ba a taɓa yin ta ba. Kotuna suka shimfiɗa wannan ƙa'ida a kan kowace irin inshora, kuma Nijeriya ta gaje ta, har ta kwafe ta a dokarta ta inshorar ruwa ta 1961. Ƙa'idar da aka ɗinka wa attajiran jiragen ruwa, waɗanda ke da dillalai da lauyoyi, sai aka sanya wa mai gida da mai mota.

Shari'ar Lambert da kamfanin Co-operative, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke a 1975, ta nuna yadda rigar take shaƙe wuya. Wata mata ta yi inshorar kayan adonta da na mijinta a 1963, tana sabuntawa kowace shekara. Ba a taɓa tambayarta ko wani a gidan ya taɓa samun hukuncin kotu ba. Mijin kuwa an taɓa cin sa tara a kan karɓar kayan sata, kuma a ƙarshen 1971 aka ɗaure shi a kan laifin rashin gaskiya. Ta sabunta inshorar a 1972 ba ta ambata ba. Da wasu kayan suka ɓace ta nemi fam 311, kamfani ya ƙi, kotu kuma ta ba kamfani gaskiya, domin mai inshora mai tsantseni zai so ya san irin wannan tarihi. Alƙalan da kansu ba su ji daɗin hukuncin da suka yanke ba. Ɗaya daga cikinsu ya nuna cewa dokar ba ta gamsar ba, kuma kamfanin zai yi dattako in ya biya ta bayan ya tabbatar da ƙa'idarsa. Idan alƙali ya koma roƙon wanda ya ba nasara ya ji kunya, alama ce doka ta rabu da adalcin da aka kafa ta dominsa.

Akwai wani ɓangare na tsohuwar dokar da ya fi ba ni mamaki. Ba a buƙatar abin da aka ɓoye ya kasance shi ya haddasa asarar. Mutum zai iya yin shiru a kan tsohuwar wayar wutar shagonsa, sai wuta ta tsallako daga shagon maƙwabci ta cinye nasa, kamfani kuma ya rushe yarjejeniyar saboda wayar da ba ta yi laifin komai ba. Da farko abin yana kama da zalunci tsantsa, amma yana da ma'anarsa, kuma ya kamata a faɗe ta da adalci. Abin da kamfani ke kuka a kai ba asarar ba ce, yardarsa ce. Yana cewa an sa shi ya ɗauki kayan da ba su ne aka nuna masa ba, kuma ya yi ta ɗaukar su tsawon watanni ko da wuta ba ta tashi ba. Sannan kuɗin da ake biyan diyya da shi ba daga sama yake faɗowa ba. Gudunmawar sauran masu inshora ce, waɗanda suka faɗi gaskiya suka biya farashinta. Wanda ya ɓoye aibinsa ya shiga da rahusa, a aljihun waɗannan yake ci. Saboda haka duk wanda ya ce a bar kamfani ya biya kowa don yana da kuɗi, bai tausaya wa talaka ba. Ya sa mai gaskiya ne ya biya wa mai wayo.

Na yarda da wannan hujja, amma iyakarta a bayyane take. Tana tabbatar da cewa shiru yana da farashi. Ba ta tabbatar da cewa farashin kowane shiru shi ne komai da komai ba.

A hankali doka ta gane haka. A 1994, a shari'ar Pan Atlantic da Pine Top, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta ce bai isa kamfani ya nuna cewa wani mai inshora na misali zai so jin bayanin ba. Dole ya nuna cewa shi da kansa shirun ya ja shi ya ƙulla a kan waɗannan sharuɗɗa. Dokar 2012 ta ɗauke wa mutum mai sayen inshora don kansa nauyin yin bayanin da ba a nema ba, ta bar masa nauyin ya kula sosai kada ya ba da amsar da ba daidai ba. Dokar 2015, wadda ta fara aiki a Agustan 2016, ta bar wa 'yan kasuwa nauyin gabatar da haɗarinsu a fili, amma ta karya hukuncin nan guda ɗaya gida-gida. Abin lura, Nijeriya ta riga Ingila taka wani ɓangare na wannan hanya. Sashe na 54 na tsohuwar dokar 2003, wanda ya samo asali daga wata dokar soja ta 1988, ya ce inda kamfani ya buƙaci a cika fom, to ya tsara shi yadda zai zaƙulo duk abin da yake gani mai muhimmanci, kuma abin da bai tambaya ba za a ɗauka ba shi da muhimmanci. Wannan komawa ce ga abin da aka gaya wa Boehm: in kana son sani, buɗe baki.

Bari in gwada tsarin 2015 da misali, da kuɗinmu don sauƙin lissafi. A ce wani mai sayar da atamfa ya yi inshorar gobara, ya biya naira 60,000 na shekara. A bayan shagon yana ajiye jarkokin fetur na janareta, bai kuma ambata ba. Wuta ta tashi, ya yi asarar naira 5,000,000. Tambayar farko ita ce halin zuciyarsa. In kamfani ya tabbatar da cewa ya san ya kamata ya faɗa ya ɓoye da gangan, ko bai damu ba ko ya kamata ko bai kamata ba, to an rushe yarjejeniyar, ba shi da diyya, kuɗin da ya biya ma ba za a mayar masa ba. In kuwa sakaci ne, sai a koma ranar da aka ƙulla a tambaya: da kamfani ya sani, me zai yi? In da sam ba zai karɓi shagon ba, zai iya rushewa, amma ya mayar da naira 60,000 ɗin. In da zai karɓa ne da sharaɗin a fitar da fetur daga ginin, sai a ɗauka sharaɗin yana cikin yarjejeniyar a auna asarar da shi. In kuma da zai karɓa ne a kan naira 100,000, to mutumin ya biya kashi 60 cikin 100 na farashin gaskiya, saboda haka zai karɓi kashi 60 cikin 100 na asararsa, wato naira 3,000,000. Ya rasa miliyan biyu saboda sakacinsa, ba ƙaramin horo ba ne, amma bai koma bara ba. Su ma sauran masu zuba kuɗi a asusun ba a cuce su ba, domin daidai abin da ya saya aka ba shi.

Wanda ya taso a zauren karatun Risala ba zai ji wannan tunani baƙo ba. Fiƙihun Malikiyya bai taɓa bin ƙa'idar mai saye ya buɗe idonsa ba. Ya haramta ɓoye aibin haja, ya ba mai saye zaɓin mayarwa, in kuma mayarwar ta gagara ya ba shi ƙimar aibin, ba dukan kuɗin ba. Ya kuma bambanta mai sayarwar da ya san aibin ya rufe da wanda bai sani ba. Malamai da yawa suna da ja a kan inshorar kasuwanci ita kanta, abin da ya haifar da tsarin takaful, amma ko a takaful tambayar tana nan, ta ma fi tsanani, domin a can asusun na mahalarta ne kai tsaye, wanda ya ɓoye kuwa 'yan'uwansa ya ɓoye wa.

Za a iya cewa rangwamen nan zai koya wa mutane caca: in yi shiru, in an kama ni in karɓi kashi 60, in ba a kama ni ba in karɓi duka. Amsar ita ce wanda ya yi wannan lissafi a ransa ya riga ya fita daga sahun masu sakaci ya shiga na masu ganganci, rabonsa kuwa babu. Sai dai ba zan ɓoye cewa a nan ne tsarin ya fi rauni ba, domin niyya ba ta barin sawu a toka. Ana gane ta ne daga kewaye: ko an yi tambayar ƙarara, ko wani kamfani ya taɓa ƙin mutumin saboda wannan dalili, ko ya faɗi abin a wani fom ya tsallake shi a wannan. Nauyin tabbatarwa yana kan kamfani, kuma ina ganin nan ne muhallinsa, tunda shi ke tuhuma. Wasu masu wayo za su sulale. Na fi yarda da dokar da wasu mayaudara ke tsallakewa a kan wadda ke kama kowace mata irin ta shari'ar 1975.

Ita ma ƙa'idar abin da ba a tambaya ba ba shi da muhimmanci tana da ramin da ba ta rufe ba. Babu fom ɗin da zai hango komai. A ce wani ya yi rigima da tsohon yaron shagonsa, yaron ya rantse a gaban jama'a sai ya ƙona shagon, washegari mai shagon ya je ya yi inshorar gobara. Fom ya tambayi irin rufi da irin haja, bai tambayi rantsuwa ba. Ta fuskar harafin doka yana iya cewa ba a tambaye shi ba. Ta fuskar ɗa'a ba na shakkar cewa shirunsa ƙarya ce, domin abin da ya rufe shi ne ainihin abin da ya kai shi ofishin. A nan nake samun ma'aunin da nake nema tun farko. Shiru yana zama yaudara ne idan mai shi ya san cewa ɗayan ba shi da hanyar sani, ya san cewa da ya sani da ya sauya shawara, kuma yana cin moriyar rashin sanin. Carter bai cika sharaɗin farko ba, domin Boehm yana da hanyar sani ya ƙi bi. Matar 1975, a yadda kotu ta ɗauke ta, ba a nuna ta cika na biyu ba. Mai shagon nan ya cika duka uku.

Akwai wanda wannan ma'auni bai isa ya cece shi ba, kuma a ƙasarmu shi ne mafi yawa. Shi ne ɗan kasuwar da ba ya karanta Turanci, wanda wakilin kamfani ya zo har rumfarsa, ya yi masa tambayoyi da Hausa, ya cika fom da hannunsa, ya nuna masa inda zai sa hannu. Wakilin yana cin kamasho ne in an ƙulla, saboda haka ba shi da sha'awar rubuta abin da zai ɓata cinikin. Ɗan kasuwar ya ambaci fetur da bakinsa, wakilin ya ce ba komai, ya rubuta a'a. Sashe na 54 ɗin nan, lokacin da yake aiki, ya ja igiyar ta ɓangarori biyu: ya ce wakilin da ya taimaka wajen cika fom ana ɗaukarsa wakilin mai neman inshora ne a wannan aiki, ya kuma ce bayanin da aka yi wa wakili bayani ne ga kamfani muddin yana cikin hurumin aikinsa. Ranar shari'a, kamfani zai riƙe jimlar farko da takarda mai sa hannu, ɗan kasuwar zai riƙe ta biyu da maganar baka da ba wanda ya rubuta. Ni a ganina kamfanin da ya zaɓi wakilin, ya horar da shi, ya kuma biya shi a kan yawan fom ɗin da ya kawo, shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin alƙalaminsa, sai fa in ya nuna an karanta wa mutumin amsoshinsa cikin harshen da yake ji kafin ya sa hannu.